Idan morfin ya rage wa Mama numfashi, mu ne muka kashe ta?

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana fama da ciwon dajin nono wanda ya bazu har cikin ƙashin baya, kuma an ce babu sauran maganin warkewa. Ba ta iya barci saboda azaba. Likitanta yana son fara ba ta morfin, amma ya ce yana iya rage ƙarfin numfashi. Yayana ya ƙi amincewa, ya ce wannan kisa ne a fakaice. Likitan ya ce akwai wata "ƙa'idar sakamako biyu" da ta bambanta abin da ake nufi da abin da ake hange. Mene ne gaskiyar wannan ƙa'ida, kuma idan muka yarda ta rasu, alhakin yana wuyanmu?

Amsa: Allah Ya ba Mama sauƙi, Ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da ita. Tsoron da yayanka yake ji tsoron mai ƙaunar uwarsa ne, don haka kada ku mayar da shi abokin gaba a cikin wannan magana. Amma in faɗa maka tun daga farko: morfin da aka fara da ƙaramin awo, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan gwargwadon ciwo, jinya ce, kuma abu ne mai wuya ya rage wa mara lafiya ko da kwana ɗaya. Ƙa'idar da likitan ya ambata gaskiya ce kuma tana da amfani, sai dai a halin da Mama take ciki yanzu da ƙyar ma za a buƙace ta.

Asalin ƙa'idar daga malaman Kirista na Turai take. Ana danganta ta ga Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, a wurin da ya yi bayani kan mutumin da ya kashe wanda ya kawo masa hari. Ya ce aiki ɗaya yana iya haifar da abu biyu, ɗaya shi ne abin da mai aikin ya nufa, ɗayan kuma yana wajen nufinsa. Mai kare kansa tsira yake nema, mutuwar maharin ta biyo baya ne, da sharaɗin bai yi amfani da ƙarfin da ya wuce buƙata ba. Malaman Katolika da suka biyo bayansa suka tsara maganar ta zama sharuɗɗa huɗu, daga nan ta shiga ilimin ɗa'ar likitanci da kotuna.

Sharuɗɗan su ne waɗannan. Aikin kansa ya zama halal, ko aƙalla ba mummuna ba ne a karan kansa. Mai aikin ya nufi alherin kaɗai, cutarwar kuwa ya hango ta ne ba tare da yana son ta ba. Kada cutarwar ta zama ita ce hanyar da aka bi aka kai ga alherin. Sannan dalilin ya yi nauyin da zai sa a jure wa haɗarin, kuma babu wata hanya mafi sauƙin haɗari da za ta biya buƙata. Duk huɗun ake buƙata tare, in ɗaya ya faɗi sauran ba sa tsayuwa.

Na ukun shi ne ƙashin bayan maganar, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Morfin yana kashe ciwo ne ta hanyar toshe saƙon zafi a laka da ƙwaƙwalwa. Sauƙin yana zuwa alhali mara lafiya yana raye, yana iya magana, yana iya shan kunu. Idan numfashi ya ragu, wannan reshe ne na daban da ya fito daga maganin, sauƙin bai ratsa ta cikinsa ba. Wanda kuwa ya yi allurar da za ta tsayar da zuciya don azaba ta ƙare, shi ta ƙofar mutuwa ya bi ya kai ga sauƙin, domin in mutumin bai mutu ba babu abin da allurar ta rage masa. Akwai tambaya ɗaya da ke raba su. A ce an ba da maganin, ciwo ya kwanta, mara lafiya kuma ya wayi gari da ransa. Shin likitan zai ce alhamdu lillahi, abin da nake so ya samu, ko kuwa zai ce shirina bai yi ba, a ƙaro wata? Na farko ya hango mutuwa ne kawai, na biyu ya nufe ta.

Yayanka zai iya cewa, kuma da gaskiyarsa, wa ya san abin da ke cikin zuciyar likita? A nan ne nake so ka tsaya sosai, domin a asibiti ba a shiga zuciyar kowa. Ana karanta niyya ne daga irin maganin da aka zaɓa, da yawan da aka bayar, da lokacin da aka bayar, da abin da aka rubuta a katin mara lafiya. Shari'u biyu da aka yi a Ingila sun fito da wannan a fili.

A 1957 aka gurfanar da Dakta John Bodkin Adams, likita a garin Eastbourne, bisa tuhumar kashe wata tsohuwa da yake ba wa morfin da hiroyin masu yawa. Alƙalin, Patrick Devlin, ya bayyana wa masu taya shi yanke hukunci cewa idan dawo da lafiya ya gagara, likita yana da haƙƙin yin duk abin da ya dace kuma ya zama dole don rage ciwo da wahala, ko da hakan zai gajarta rayuwa a matsayin abin da ya biyo baya. An wanke Adams. Har yau ana zarginsa, domin sunansa ya fito cikin wasiyyar majinyatansa da dama, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mugu ma yana iya laɓewa a bayan ƙa'idar in babu mai duba awo da rubutu. Duk da haka bayanin Devlin ya zama abin da kotunan Ingila ke dogara da shi.

Shari'a ta biyu ta fi taɓa zuciya. Lillian Boyes mace ce mai shekara 70 da ta daɗe tana fama da matsanancin ciwon sanyin gaɓoɓi, har taɓa jikinta kaɗai yakan sa ta ihu. Likitanta, Dakta Nigel Cox, ya shafe shekara 13 yana duba ta. A watan Agusta na 1991, a wani asibiti da ke Winchester, magungunan ciwo suka kasa, ita kuma tana roƙon a kawo ƙarshen abin. Sai ya yi mata allurar kwalba biyu ta fotasiyam kulorayid ba tare da sirkawa ba, ta rasu cikin 'yan mintoci. Ya rubuta abin da ya yi a katinta, wata ma'aikaciyar jinya ta gani ta kai rahoto. A 1992 kotu ta same shi da laifin yunƙurin kisa, saboda an riga an ƙone gawar kuma ba a iya tabbatar da cewa allurar ce ta kashe ta ba. An yanke masa ɗaurin wata 12 da aka jingine, hukumar likitoci kuma ta tsawatar masa ta bar shi ya ci gaba da aiki.

Babu wanda ya yi shakkar tausayin Cox, 'ya'yan matar ma suna bayansa. Abin da ya kayar da shi shi ne maganin da ya ɗauko. Fotasiyam kulorayid ba ya rage ciwo ko kaɗan, in aka zuba shi haka cikin jijiya aikinsa ɗaya ne, ya rikita bugun zuciya ya tsayar da ita. Saboda haka ba shi da bakin cewa sauƙi ya nufa mutuwa ta biyo baya. Maganin da kansa ya ba da shaida a kan niyyarsa. Malaman fiƙihu da dama ma haka suke yi a babin kisa, suna duba abin da aka yi amfani da shi don gane ko da gangan ne, tunda niyya ɓoyayyiya ce.

To, yaya jinyar gaskiya take kasancewa, har ku iya gane ta da idonku? Bari in ɗauki misalin mace kamar Mama, wadda ba ta taɓa shan morfin ba kuma ƙodarta tana aiki. Adadin da zan kawo na misali ne don ka ga tsarin, likitan da ya duba ta shi zai yanke nata. Yawanci ana farawa da morfin na sha, miligiram 5 duk bayan awa 4, ko 2.5 in ta tsufa sosai ko ta rame. Miligiram 5 sau shida ya zama 30 a yini. Bayan wannan ana ajiye awon ko-ta-kwana, wanda ake bayarwa in ciwo ya taso kafin lokaci ya yi, kuma yakan zama kashi ɗaya cikin shida na jimillar yini, wato 5 a nan. A ce a rana ta farko ta buƙaci wannan ƙari sau uku. Jimillar abin da ta sha ya zama 45. Washegari sai a raba 45 gida shida, awonta ya koma 7.5 duk awa 4. In ta sake neman ƙari sau biyu, jimilla ta kai 60, sai a mayar da shi 10. Ƙarin da ake yi a mataki ɗaya ba ya wuce kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Ranar da ta yi barci ta tashi tana hira, ba ta nemi ƙari ba ko ta nema sau ɗaya, an kai inda ake so, sai a tsaya a nan.

Ka lura da cewa ciwon ne yake jan awon, kowane ƙari yana da dalilinsa a rubuce. Wannan shi ne zanen niyyar rage ciwo. Niyyar kisa tana da nata zanen: tsalle daga ƙaramin awo zuwa ninki goma a lokaci ɗaya, ko ci gaba da ƙarawa alhali mara lafiya yana kwance lafiya babu alamar ciwo, ko ɗauko maganin da ba shi da alaƙa da abin da ke damunsa.

Dalilin da ya sa wannan tsarin yake da aminci shi ne jiki yana sabawa da tasirin morfin a kan numfashi in ana ƙara shi sannu a hankali, ciwon kansa kuma yana zaburar da numfashi. Shi ya sa majinyacin da ya yi makonni yana hawa mataki-mataki zai iya shan miligiram 120 a yini yana zaune yana karɓar baƙi, alhali wannan adadin a lokaci ɗaya yana iya halaka wanda bai taɓa sha ba. Likitoci biyu na Ingila, Nigel Sykes da Andrew Thorns, sun tattara binciken da aka yi a kan wannan suka wallafa a 2003, kuma ba su sami hujjar cewa irin waɗannan magunguna suna gajarta rayuwar masu ciwon daji ba in an bi ƙa'idar bayarwa. Abin da ke damuna shi ne yawan ambaton ƙa'idar sakamako biyu a duk lokacin da aka ɗauko morfin yana dasa wa iyalai tunanin cewa ana cinikin kwanaki ne da sauƙi. Wannan tunanin ya sa tsofaffi da yawa sun cika cikin azabar da ake da maganinta.

Haɗari yana nan, kuma ya kamata ku san inda yake ɓuya. Ƙoda ce ke fitar da ragowar morfin daga jiki, in ta raunana sai ya taru, awon da ya yi daidai a makon jiya ya zama ya yi yawa a yau. Raguwar fitsari ko bushewar jiki saboda rashin sha alama ce ta a sake duba awo. Akwai kuskuren sauya hanya: morfin na allura ya ninka na sha ƙarfi sau biyu zuwa uku, don haka wanda yake shan 10 ba a yi masa allurar 10. Akwai haɗa shi da magungunan barci ba da sanin likita ba. Haka kuma in wani abu ya rage ciwon ƙwarai, kamar gashin da ake yi wa ƙashin da dajin ya kama da na'urar haske mai ƙona ƙwayoyin daji, tsohon awon yana iya yin yawa, sai a sauke shi.

Alamomin yawan morfin suna zuwa a jere. Barci mai nauyi ne ke fara zuwa, irin wanda ake tashinta ta buɗe ido ta koma tun kafin ta ƙarasa magana. Ƙwayar ido takan tsuke ta zama 'yar mitsitsiya, hannu ko ƙafa su riƙa fizga, wani lokaci da ruɗewa. Sai daga baya numfashi ya ragu. Ku ƙirga numfashinta na minti ɗaya cikakke da agogo. In ya sauka ƙasa da 8 kuma ba ta tashi in an taɓa ta, kada a ba da awo na gaba, a kira likita nan take. Akwai maganin da ke warware shi, nalokson, wanda ake bayarwa kaɗan-kaɗan don kada ciwon ya dawo gaba ɗaya. Gyangyaɗi da tashin zuciya na kwana biyu ko uku na farko kuwa abu ne da aka saba gani kuma yakan wuce. Wanda ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka ku tabbata an haɗa mata da maganin sassauta ciki tun ranar farko.

Akwai wani abu da nake roƙon ka faɗa wa yayanka tun yanzu, kafin ranar ta zo. Duk wanda ake ba magani kowace awa 4, in ajalinsa ya yi, dole ya cika cikin awa 4 da shan wani awo. Wanda ya miƙa cokalin ƙarshe sai ya kwana yana zargin hannunsa, alhali kusancin lokaci bai nuna sanadi ba. A kwanakin ƙarshe numfashin mai ciwon daji yana canzawa da kansa ko an ba shi morfin ko ba a ba shi ba: ya yi sauri, ya yi zurfi, ya tsaya na wasu daƙiƙoƙi, ya dawo, wani lokaci da kakari a maƙogwaro. Barci yana ƙaruwa, ci da sha suna raguwa, ƙafafu suna sanyi. Wannan tafiyar ciwon ce.

Inda ƙa'idar take aiki da gaske shi ne a wurare ƙalilan masu tsanani. Misali dajin ya toshe hanyar iska, mara lafiya yana shaƙewa cikin firgici, ko ruɗewa mai tsanani ta kama shi a kwanakinsa na ƙarshe, an gwada duk abin da ake da shi bai yi ba. A nan likita yana iya ba da maganin sa barci, yawanci midazolam, don a rage masa sanin abin da yake ciki. A irin wannan hali jiki ya riga ya raunana, kuma likita mai gaskiya ba zai rantse cewa maganin ba zai matso da lokaci ba. To, sai a auna da sharuɗɗan. Maganin na kwantar da firgici ne, an san shi da wannan aiki. Ana farawa da ƙaramin awo a tsaya da zarar fuska ta saki, jiki ya daina fafutika. Sauƙin yana zuwa ta barci, kuma in yanayi ya gyaru ana iya rage maganin ya farka. Sharaɗi na huɗu shi ne ke hana a yi wasa da abin: wahalar ta zama ta gagari sauran magunguna, kuma mutuwa ta kusa, ana maganar sa'o'i ko kwanaki. Wanda aka kwantar da shi barci alhali yana da watanni a gaba, aka kuma yanke masa ci da sha, rashin ruwan ne zai kashe shi, kuma ƙa'idar ba ta rufa wa wannan asiri. Kotun Ƙolin Amurka ma a 1997, a shari'ar Vacco da Quill, ta dogara da wannan bambanci na niyya wajen raba jinyar rage wahala da taimaka wa mutum ya kashe kansa.

Ƙa'idar tana da masu suka, kuma wasu sukan suna da ƙarfi. Philippa Foot, masaniyar falsafa 'yar Ingila, ta nuna a 1967 cewa iyaka tsakanin abin da aka nufa da abin da aka hango tana iya yin sirara har mai wayo ya siffanta kowane aiki yadda zai fitar da kansa. Wasu likitoci kuma sun ce zuciyar ɗan Adam ba ta ɗaukar niyya ɗaya tak: mai jinya yana iya ba da magani don ciwo, a can ƙasan ransa kuma yana fatan Allah Ya hutar da wannan baiwar tasa. A ganina fatan hutu daban, shirya mutuwa daban. Matuƙar fatan bai taɓa awon da ke cikin sirinji ba, bai zama niyyar aiki ba. Ƙasashe irin su Holan da Beljiyam, da suka halatta wa likita kawo ƙarshen rai bisa roƙon mara lafiya tun 2002, sun zaɓi wata hanya dabam, amma dokar Najeriya ba ta halatta haka ba.

Ka yi maganar alhaki. Hadisin da aka rawaito daga Sayyidina Umar cewa ayyuka suna tafiya ne da niyya kowa ya san shi, haka ma ƙa'idar malamai ta ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu in babu makawa. Amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da haram halal, kuma wannan ya yi daidai da sharaɗi na farko da na uku. Neman magani ga uwa mai azaba, ta hannun likita, da awon da aka san yana da aminci, ban ga inda ya zama kisa ba. In hankalin yayanka bai kwanta ba, ku tafi tare wurin malamin da ya yarda da shi, amma ku tafi da bayanin likitan a hannu, domin amsar malami tana bin yadda aka siffanta masa lamarin ne. In aka ce masa allurar mutuwa ce zai hana, kuma ba ita ake shirin yi ba.

Babban giɓin ƙa'idar a wurina shi ne ba ta ce komai ba game da mai ciwon. Duk sharuɗɗan huɗu a kan mai ba da magani suke. Alhali jikin na Mama ne, azabar tata ce, kuma in tana cikin hayyacinta ita ce mai cewa e ko a'a, kai da yayanka masu taya ta ne. Wasu iyayen sun fi son a rage ciwo ko da za su yi ta barci. Wasu sun fi son su jure wani abu don su samu yin salla da zikiri da wasiyya da idonsu biyu, kuma ana iya daidaita awo a kan haka, a sassauta da rana a ƙarfafa da dare. Ku zauna da ita a lokacin da ciwon ya ɗan lafa, ku tambaye ta da harshen da za ta gane.

Sannan ku koma wurin likitan kai da yayanka tare. Ku tambaye shi da nawa zai fara kuma duk bayan awa nawa, nawa ne awon ko-ta-kwana, ko an gwada ƙodarta kwanan nan, ko gashin ƙashin bayan zai yiwu a halin da take, da kuma lambar wa za ku kira in kun ga barcin ya yi nauyi cikin dare. Ku ajiye littafi a gefen gadonta, duk wanda ya ba da magani ya rubuta lokaci da adadi da yadda ciwon yake kafin a ba ta da kuma awa ɗaya bayan nan. In yayanka ya yarda, a ba shi riƙon littafin da ƙirgar numfashi, shi zai riƙa nuna wa likita a duk zuwa, kuma da shi za a yanke ko a ƙara, ko a tsaya, ko a rage.